Ƙwai a baka ko kaza a akurki: amsa ga ɗalibin ajin ƙarshe

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta Kemistiri a wata jami'ar tarayya, saura min zango ɗaya in gama. Shekaruna 27, makina kuma 4.21 ne cikin 5. Na yi horon SIWES na wata shida a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin matsar man gyaɗa da waken suya a nan Kano. Kwanan baya manajan sashen ya kira ni ya ce in na gama in dawo, za su ɗauke ni a kan naira 150,000 a wata. Shi kuma malamin da ke duba kundin bincikena cewa ya yi kada in kuskura in bar karatu, in zarce digiri na biyu, wataƙila ma sashenmu ya riƙe ni in zama malami. Ni ne babba a gidanmu, ƙannena huɗu. Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, fanshonsa ba ya kai mu ƙarshen wata. Duk da haka shi cewa yake in yi karatuna, Allah zai rufa asiri. Inna ba ta ce komai ba, amma ina ganin abin da ke fuskarta. Ina son bincike har zuciyata, kuma ina tsoron in na fara karɓar albashi shi ke nan na rabu da littafi. Ina kuma jin kunyar in ƙara shekara biyu ko uku ina miƙa wa Baba hannu. Malam, wanne zan ɗauka?

Ɗalibinku, daga Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa Baba da Inna lafiya. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada in ja maka rai: ka karɓi aikin, in har ya tsallake gwajin da zan kwatanta maka, sannan ka sa wa digiri na biyu rana. Ni malamin jami'a ne, rayuwata duka a tsakanin allo da ɗakin gwaji na yi ta, saboda haka ba da sauƙi nake ce wa ɗalibi mai maki irin naka ya dakata da karatu ba. Amma akwai dalilai, kuma ina so ka auna su da kanka.

Mu fara da abin da ke tsaye a gabanka wanda ba ka sa shi a lissafi ba, wato hidimar ƙasa. Tun da gwamnatin Janar Gowon ta kafa NYSC a 1973, duk wanda ya gama digirin farko bai haura shekara 30 ba sai ya yi wannan shekara ɗaya. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin ya nemi ganin takardar kammala hidima ko ta yafewa, su ma makarantun gaba da digiri na jami'o'inmu suna neman wannan takardar kafin su ba da gurbi. To ka ƙirga: saura zango guda, sai jiran majalisar jami'a ta amince da sakamako, sai a tura sunanka, sai jiran rukunin da za ka faɗa, sai sati uku a sansani da sauran watannin hidima. In komai ya tafi daidai, shekara ɗaya da rabi ke nan ko fiye kafin ka iya zama cikakken ma'aikaci ko cikakken ɗalibin digiri na biyu. Kuma tunda ɗan Kano ne kai, a al'ada ba Kano za a bar ka ba. Wannan ya sauya tambayar. Abin da ke gabanka yau ba zaɓi ba ne tukuna, alkawura ne guda biyu na fatar baki, kuma kana da isasshen lokacin da za ka gwada kowanne ka ga wanda ke da ƙashi.

Ka fara da manaja. Ka je da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Ka yi masa godiya, sannan ka tambaye shi kai tsaye ko sun san sai ka yi hidimar ƙasa, kuma ko gurbin zai jira ka. Manajan sashe yana iya son ka tsakani da Allah, amma ba lalle shi ne mai sa hannu a takardar ɗauka ba, kuma shekara ɗaya da rabi ta isa a yi masa canjin wuri ko shi kansa ya bar kamfanin. Ka roƙi ya haɗa ka da ofishin ma'aikata, a ba ka ko da 'yar gajeruwar wasiƙa ce mai tambarin kamfani da ke nuna niyyarsu. Ka kuma nemi su bar ka ka yi aikin wucin gadi a watannin da za ka yi zaman jiran kiran hidima. Wannan zai sa ɗan wani abu ya shiga gida tun yanzu, kuma za ka ga wurin da idon ma'aikaci. Ɗan SIWES baƙo ne, ana yi masa fara'a. Ma'aikaci shi ne wanda ake kira ƙarfe biyun dare a ce tanki ya cika, motoci na jira, ya zo ya gwada. A ƙarshen 2024 gwamnati ta ɗage takunkumin da ya hana tura masu hidima kamfanoni masu zaman kansu, don haka in kamfanin na da reshe ko abokin hulɗa a jihar da aka kai ka, wasiƙar neman a turo ka daga gare su za ta yi maka amfani sosai.

Sai ka binciki ita kanta naira 150,000 ɗin. Kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Ma'aikacin kamfanin za ka zama, ko wani ɗan kwangila ne zai ɗauke ka ya aro musu kai? Bambancin nan babba ne, domin na biyun ana iya sallamarsa ranar da aka ga dama, kuma shekarunsa ba sa taruwa su zama komai. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanka. In a kan dukan albashin aka lissafa, naira 12,000 ke nan daga gare ka, 15,000 daga gare su, kowane wata. Ka tambayi wani tsohon ma'aikacin wurin, ba a gaban manaja ba, ko ana zuba nasa. Kai da ka ga yadda fansho ke wahalar da mahaifinka, ba sai na tsaya yi maka dogon bayani ba. Kamfanin da ke cire kason ma'aikaci bai zuba ba, ya riga ya gaya maka yadda zai riƙe ka.

Akwai gwajin da ya fi kuɗi muhimmanci a wurina, shi ne me za ka koya. Ka san aikin yau da kullum na irin wannan ɗaki: a ɗebo mai, a narkar da shi a sinadari, a ɗiga mai nuna launi, a riƙa sakin ruwan soda ɗigo-ɗigo har sai launin hoda mai haske ya fito ya tsaya na ɗan lokaci, a lissafa yawan tsamin man. A auna danshi, a auna yadda iska ta fara lalata shi. Wannan aiki ne mai kyau, amma yaro mai hankali zai ƙware a kansa cikin wata uku. In shi kaɗai za ka yi ta maimaitawa shekara biyar, to tsoron da kake ji gaskiya ne, kwanyarka za ta yi tsatsa. Don haka ka duba: suna gwada afalatoksin, gubar nan da fumfuna ke haifarwa, a gyaɗar da ake kawo musu da ƙulin da ke fita? Suna auna bitamin A da doka ta wajabta a ƙara wa man girki, ko kuwa zubawa kawai ake yi a yi fatan alheri? In ba su da na'urar, ina suke kai samfur, kuma wa ke rakiyarsa? Wa ke tsayawa gaban jami'an NAFDAC da na SON in sun zo duba kamfani, wa ke rubuta takardun? In amsoshin nan suna da daɗi, wannan ɗakin makaranta ce da za a riƙa biyan ka kana koyo.

Tambaya ɗaya kuma ka yi wa kanka, tunda ka zauna da su wata shida. Ranar da sakamakon gwaji ya nuna kaya bai cika ƙa'ida ba, me aka yi? An tsayar da tankin an sake tacewa, ko an ce wa mai gwajin ya sake dubawa har sai lambar ta yi kyau? Mai gwajin inganci sa hannunsa ne jarinsa, kuma man nan cikin tukunyar mutane zai shiga. In ka taɓa ganin an matsa wa wani ya rubuta abin da bai auna ba, to na janye shawarata, ko nawa za su biya.

Yanzu mu juya ga malaminka. Kada ka ɗauki maganarsa da wasa. Malami ba ya ce wa kowane ɗalibi ya zauna, in ya faɗa maka to ya ga wani abu a hannunka. Sai dai ina so ka san iyakar ikonsa, domin ni ma a wannan kujera nake. Malami, kai ko shugaban sashe, ba ya ɗaukar aiki. Abin da zai iya shi ne ya ba da shawara. Sai an samu gurbi da kuɗin biyansa, magana ta bi ta tsangaya, ta je kwamitin ɗauka da ƙarin girma, hukumar gudanarwa ta amince, a jami'ar tarayya kuma a cika sharuɗɗan hukumar raba daidai. Ana iya shekaru sashe bai ɗauki ko mutum ɗaya ba alhali malamai suna ta ritaya. In kuma gurbin ya fito, masu daraja ta ɗaya, wato 4.50 zuwa sama, su ake fara dubawa. Makinka mai kyau ne ƙwarai, yana cikin babbar daraja ta biyu, kuma ana ɗaukar irinka, amma ba kai ne farkon layi ba. Ka koma wurinsa cikin ladabi ka tambaye shi yaushe rabon sashen da ɗaukar mataimakin malami, mutum nawa aka ɗauka, da wane maki. Ba ƙaryata shi kake yi ba, kuma malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Ga abin da ya sa wannan tambaya ke da nauyi. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya shiga digiri na biyu a matsayin ma'aikacin jami'a da wanda ya shiga da aljihunsa. Na farko yana karɓar albashi, karatun wani ɓangare ne na aikinsa, kuma yana iya neman tallafin TETFund, wanda na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba na kowane ɗalibi ba. In wasiƙar ɗauka irin wannan ta zo hannunka, da sa hannun magatakarda, ka karɓe ta ko da albashinta bai kai na kamfani ba, tunda ka ce bincike ne a ranka. A wannan hali ni da malaminka bakinmu ɗaya. Na biyun kuwa, wanda ya shiga da fatan wataƙila, shi ne nake jiye maka.

Bari in nuna maka yadda digiri na biyu a fannin kimiyya yake tafiya a zahiri. A takarda ana iya gama shi cikin zango uku ko huɗu. Shekarar farko darussa ne da jarrabawa, wannan kan tafi lami lafiya. Daga nan sai gabatar da tsarin bincike a gaban malamai, sai aikin ɗakin gwaji, sai kare kundi a cikin gida, sai jiran mai jarrabawa daga wata jami'a, sai gyare-gyare, sai majalisa. Kowane mataki yana da layinsa, kuma ba kai ke riƙe da agogon ba. Yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kai ma ya taɓa ka. Lokacin da nake nawa digirin, na'urar da zan auna ƙarafa da ita ta lalace, aka yi ta jiran kayan gyara. Samfurorina suna cikin firij, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Bayan wata biyar na ɗauke su a kula da ƙanƙara, na shiga motar haya zuwa wani gari inda ake biyan kuɗi a auna. Rabinsu sun riga sun lalace, sai da na koma gona na sake ɗebowa a damina ta gaba. Shekara guda ta tafi a kan wannan kawai, kuma a lokacin ina da albashi. Da ba ni da shi, ban san ko da na ƙarasa ba.

To mu yi lissafi da lambobinka. Mu ƙaddara za ka gama cikin wata 30, wanda ba sharri na yi wa kowa ba. Albashin da ka bari ya kama naira miliyan huɗu da rabi, ko da ba a taɓa yi maka ƙari ba. Kuɗin makaranta ka je makarantar gaba da digiri ka karɓo na bana a rubuce, ka ninka sau uku, domin duk shekarar da ka shiga sai ka sabunta rajista. Sai kuɗin bincike, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi. Sinadarai kai za ka saya. In aikinka na buƙatar manyan na'urorin awo irin su HPLC ko AAS, ana biya ne a kan kowane samfur. A ce naira 15,000 ne duk ɗaya, kana da samfur arba'in, 600,000 ke nan, ban da maimaici in wani ya ɓaci, ban da kuɗin mota, ban da buga kundi da kuɗin wallafa maƙala. Wannan ƙiyasi ne na misali, ka sami ɗalibai biyu da ke shekararsu ta biyu a sashenku su ba ka ainihin abin da suka kashe. Sannan ka tambayi kanka daga aljihun wa kuɗin za su fito. Abin da na sha gani shi ne ɗalibi ya cinye darussa da maki mai kyau, ya zo kan bincike kuɗi su ƙare, ya tafi koyarwa a makarantar kuɗi don ya tara, shekara ta zagayo, rajista ta sake hawa kansa. Ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba.

Me takardar za ta ƙara maka in ka samu? A aikin gwamnati mai digirin farko yana shiga a mataki na 8, mai na biyu a mataki na 9. A jami'a ita ce ke mayar da kai ƙaramin malami ta buɗe maka ƙofar digiri na uku, a nan kam ba makawa sai da ita. A masana'anta kuwa, in aka ajiye mai digiri na biyu da bai taɓa aiki ba kusa da mai digirin farko da ya yi shekara uku yana riƙe da ɗakin gwaji, yawanci na biyun ake ɗauka. Ka haɗa da shekarunka. Za ka gama hidima kana 28 ko 29. Manyan kamfanoni da bankuna da ke ɗaukar sababbin masu digiri sukan sa iyakar shekaru ƙasa da haka. Ƙofar aikin farko tana ƙanƙancewa kowace shekara, ita kuwa ƙofar digiri na biyu ba ta tambayar shekarun haihuwa, kuma 4.21 ɗinka ba ya ruɓewa. Wannan shi ne ginshiƙin shawarata: ɗaya yana jira, ɗayan ba ya jira.

Har ma aikin na iya buɗe maka karatun da ya fi wanda kake hange. Tallafin Chevening na Birtaniya yana sharɗanta ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Shirin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan da suka shafi ci gaban ƙasashe shi ma shekara biyu yake nema. Akwai kuma na Commonwealth da ake bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya, da na PTDF ga fannonin da suka danganci man fetur da iskar gas. Gasar tana da zafi, ba na yi maka alkawarin komai. Amma wanda ya rubuta cewa ya yi shekara biyu yana gwada man da mutanen Kano ke ci, kuma ya gano matsala kaza da yake son ya bincika, takardarsa ta fi ta wanda ya ce kawai yana son ƙarin ilimi. Matsalolin kuma suna nan a gabanka. Bitamin A haske da zafi suna lalata shi, to nawa ne ke saura a man da aka ɗura a farar roba aka jera a rana a Kasuwar Singa na tsawon makonni? Afalatoksin ya fi maƙalewa a ƙuli fiye da tataccen mai, ƙulin kuma shi ake kai wa kaji da shanu, to ina yake ƙarewa? Gyaɗar da ke shigowa daga Dawanau, ta wane wata ce ta fi zuwa da shi? Kowace ɗaya cikin waɗannan ta isa kundin digiri na biyu mai daraja.

Na san abin da zai zo maka a rai, wato ka haɗa biyun lokaci guda. Ka yi hattara, taura biyu ba ta taunuwa. Darussan shekarar farko na digirin kimiyya a ranakun aiki ake yin su, kamfani kuma yana da aikin kwana da na rana. Digirorin da ake yi a ƙarshen mako galibi na sana'a ne, irin na gudanarwa, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar su a matsayin matakin shiga digiri na uku a Kemistiri. Kada ka kashe kuɗinka a kan takardar da ba za ta kai ka inda kake so ba. Haɗawar tana yiwuwa ne kawai in kamfani ya yarda a rubuce ya sakar maka kwana biyu a mako na shekara ɗaya, kuma ba a roƙon wannan a watan farko. Ana roƙonsa bayan shekara biyu, lokacin da rashinka zai dame su. A lokacin kana iya ce musu binciken a kan matsalarsu za ka yi shi, a ɗakinsu, da samfurinsu. Jami'ar Bayero tana cikin gari, ta Wudil ba nisa, Zariya ma ana zuwa a dawo.

Tsoronka na rabuwa da littafi ba na raina shi, domin na ga ya tabbata a kan mutane da yawa. Ba albashi ne ke raba mutum da karatu ba, hidimomin da ke biyo bayan albashi ne: kuɗin makarantar ƙanne, sai aure, sai haya, sai goyo. Maganinsa ba niyya ba ce kawai, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka bar makaranta, ka san hanyar karɓar cikakkiyar takardar sakamakonka, ka ajiye kwafin kundinka, ka nemi malamai biyu da za su tsaya maka shaida nan gaba. Ka roƙi malaminka ku fitar da maƙala ɗaya daga binciken da kake yi yanzu, ko ƙarama ce. Wannan zai riƙe zumuncinku, ya kuma nuna masa ba guje masa ka yi ba. Alawus ɗin hidima ya koma naira 77,000 a 2025. In ka iya ware 20,000 duk wata, za ka fito da sama da 200,000. In ka fara aiki, ka buɗe asusu dabam, ranar da albashi ya shigo ka tura 25,000 kafin ka taɓa komai. Cikin shekara biyu 600,000 ke nan, ka haɗa da na hidima. Darajar naira tana zaizayewa, don haka duk lokacin da aka yi maka ƙari kai ma ka ƙara. Ka yi rajista da ƙungiyar masana Kemistiri ta ƙasa, ka riƙa zuwa taronta, ka kuma binciki sharuɗɗan ICCON da IPAN, cibiyoyin da ke yi wa masana Kemistiri da masu aikin gwaje-gwaje rajista, domin a aikin gwajin abinci shaidarsu tana da nauyi. Sannan ka rubuta shekarar da za ka sayi fom, ka faɗa wa Baba da malaminka, don a samu masu tambayar ka in ta zo.

Maganar Baba kuwa, ɗana, ka fahimce ta da kyau. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane ba zai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗansa ya bar karatu saboda tuwo ba. Ko tukunya ba ta hau wuta ba, abin da zai ce ke nan. Kada ka je masa da cewa ka fasa karatu don ka taimaki gida, zai ji kamar gazawarsa ce ka bayyana, kuma zai yi masa ciwo. Ka je masa da tsari: aiki shekara biyu, ga asusun karatu, ga shekarar komawa, ga irin binciken da kake son yi. Malami ne, ya san darajar jadawali. Ita kuma Inna ka same ta ita kaɗai, ka tambaye ta nawa gidan ke ci a wata, da abin da ake bin ku. Ita ce ta san lissafin gaskiya, kuma shirunta ba rashin ra'ayi ba ne, kawaici ne. Daga abin da ta faɗa maka za ka yanke adadin da za ka riƙa bayarwa duk wata, adadi tsayayye da kowa ya sani. In ba ka yanke ba, 150,000 za ta narke kafin ranar ashirin ga wata, asusun karatu kuma shi ne zai fara tafiya. Ƙannenka huɗu ba za ka iya ɗauke su duka a kafaɗa ɗaya ba. Ka zaɓi abu guda da za ka riƙe sosai, kamar kuɗin makarantar mai bi maka, domin in ya tsaya da ƙafarsa kun zama ku biyu.

In kuma manaja ya kasa ba da komai a rubuce, sashe ma shiru, ba ka yi asarar komai ba. Ka tafi hidimarka, ka nemi a tura ka inda akwai ɗakin gwaji ko makarantar da za ka koyar da Kemistiri, ka riƙa neman aiki da tallafin karatu tare, wanda ya fara zuwa da takarda shi ne naka. Ka yi istihara a kan duk wanda ka karkata gare shi. Amma kafin duk wannan, akwai zango ɗaya a gabanka, kuma 4.21 bai zama naka ba sai an rufe littafi. Ka mayar da hankali kan jarrabawa da kundinka. Bayan ka ga manaja da malaminka, ka sake rubuto min abin da kowannensu ya ce, in kuma an ba ka wasiƙa ka kwafo min sharuɗɗanta mu karanta tare kafin ka sa hannu. Ka gaishe min da Baba da Inna.